Babi na Shida: Takardar da Ta Ajiye Ƙoƙon Bara

Bayan sallar isha'i mutum biyar suka zauna a zauren mai unguwa, da takarda guda a tsakiyar tabarma. Sakataren ƙungiyar cigaban unguwa ne ya rubuta ta, aka buga kwafi ɗari biyu a shagon kwamfuta na bakin titi. Mako uku ke nan da raba ta a masallatai da shaguna da gidajen masu hali, an kuma tura hotonta ta WhatsApp ga 'yan unguwa mazauna Abuja da Legas da Jidda. Abin da ya shigo bai kai naira dubu ɗari biyu ba.

Duk wanda ya taɓa zama a ƙungiyar unguwa a bayan garin Kano ko Zariya ko Katsina ya san irin wannan dare. Labarin da za a bi a wannan babi an tattaro shi ne daga abin da ke yawan faruwa a irin waɗannan ƙungiyoyi, shi ya sa ba a ambaci sunan kowa ba, alƙaluman kuma na misali ne, tunda farashi ba ya zama wuri guda. Matsalar dai sananniya ce: rijiyar burtsatsen unguwa ta tsaya wata takwas, mata da yara sun koma jiran 'yan garuwa, kuɗin jarka sai hawa yake.

Ga yadda takardar ta fara:

"Mu al'ummar wannan unguwa, talakawa bayin Allah marasa galihu, mun durƙusa gwiwa bibbiyu muna roƙon masu hannu da shuni su dubi girman Allah su tausaya mana. Matanmu da 'ya'yanmu suna cikin wani mawuyacin hali wanda baki ba zai iya faɗa ba. Muna neman naira miliyan goma domin gyaran rijiyarmu da sauran ayyukan cigaba. Komai ƙanƙantar abin da aka bayar muna so."

A ƙasa akwai lambar asusun banki mai ɗauke da sunan shugaban ƙungiya. A sama kuma hoton wata yarinya ce 'yar shekara bakwai ko takwas, da yagaggiyar riga, ta rungumi jarka tana kallon mai ɗaukar hoton.

Sakataren ba mugun mutum ba ne, ba kuma maƙaryaci ba ne. Matashi ne mai kishin unguwarsu, da kuɗin aljihunsa ma ya biya rabin bugun takardar. Ya rubuta abin da ya saba gani ne, domin haka akasarin takardun neman gudummawa suke. Wanda ya fara ɗaga takardar a daren nan wani dattijo ne, tsohon akanta da ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma, wanda kowa ke kira Baba. Ya gyara tabarau, ya karanta a hankali, sannan ya nuna hoton da yatsa ya ce, "Malam sakatare, wannan 'yar waye?"

Shiru ya ɗan ratsa zauren. Mai unguwa ne ya amsa, ya ce ai maganar ta riga ta iso gidansa. Mahaifiyar yarinyar ta zo wurin uwargidansa da hawaye. 'Yarta tana da kayan sawa, tana zuwa makaranta, rigar wasa ce a jikinta ranar. Yanzu yara sun laƙaba mata suna a Islamiyya, dangin mijinta na ƙauye sun ga hoton a waya sun bugo suna tambaya ko yunwa ce ta kama gidan. Ba wanda ya nemi izininta, ba wanda ya nemi na maigidanta.

Wannan kuskure ba na ƙananan ƙungiyoyi ba ne kaɗai. Manyan ƙungiyoyin agaji na Turai sun shafe shekaru suna tara kuɗi da hotunan yaran Afirka masu ƙuda a fuska, musamman tun yunwar Habasha ta 1984 da 1985, har sukar ta yi yawa suka fara kafa wa kansu ƙa'ida. Gamayyar ƙungiyoyin agaji ta ƙasar Ireland, wadda ake kira Dóchas, tana da irin wannan ƙa'ida kan hotuna da saƙonni: a nemi yardar wanda za a ɗauka, a nuna shi cikin ainihin halin da yake ciki, kada a zuzuta wahalarsa don a motsa zuciyar mai bayarwa. Sai dai abin ya fi zafi a unguwa. Yaron da aka ɗauka a wata nahiya wataƙila ba zai taɓa ganin hotonsa ba. Wannan yarinya kuwa a jikin bangon masallacin layinsu aka manna nata.

Bahaushe ba baƙon wannan darasi ba ne. Mun san rufin asiri, mun san maƙwabcin da ke aika kwanon tuwo bayan magariba don kada a gani. Alƙur'ani a cikin suratul Baƙara ya yi gargaɗi a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa, ya kuma yabi mabuƙatan da ba sa nacin roƙo. Takardar da ta tona asirin gida guda don ta samo ruwa ga gida ɗari uku da hamsin ta ci amanar wannan tarbiyya, ko da niyyar mai rubutun kyakkyawa ce.

Aka cire hoton. Aka yanke cewa sakatare da limamin unguwa za su je su ba mahaifin yarinyar haƙuri, a kuma ɓamɓare duk takardar da aka manna. A gurbin hoton za a sa na rijiyar kanta: hasumiyar ƙarfe da ta yi tsatsa, tankin da ya tsage, kawunan famfo shida a bushe. Abin da ya lalace shi ne za a nuna, domin shi ake neman kuɗi a gyara.

Sai Baba ya koma kan kalmomin. "Marasa galihu," ya maimaita. Ya waiwayi shugaba ya ce, "Alhaji, kai ba ka da galihu? Ni da nake karɓar fansho ba ni da galihu? Wa ya yi aikin gayya ya yashe kwalbatin nan bara? Wa ke biyan 'yan sintiri duk wata?" A unguwar akwai malaman makaranta, teloli, direbobi, masu sayar da kayan miya, matan da ke adashi suna aurar da 'ya'yansu. Takardar ta shafe su duka, ta bar taron mutane a durƙushe. Kuma mai karatu yana lura. Ɗan unguwar da ke aiki a Abuja ba zai so ya tura wa abokan aikinsa takardar da ta kira iyayensa mabarata ba, don haka sai ya karanta ya yi shiru. Attajirin da ke samun irin wannan takarda goma a mako kuwa ya riga ya san yadda ake sallamar mai bara: a ba shi abin da ya sawwaƙa, a wuce. Harshen da aka yi roƙon da shi ne ya yanke girman kyautar tun kafin a buɗe aljihu.

Daga nan aka zo inda aikin yake. Baba ya tambayi inda aka samo miliyan goma.

Sakatare ya faɗi gaskiya. Wani mai gyara ya ce aikin zai ci kamar miliyan huɗu zuwa biyar, su kuma suka ga gara a faɗi goma, in an sami rabi an gode Allah. Dabara ce ta kasuwa, a taya sama don a sauko. A ciniki tana da wurinta, domin mai saye ya san ana tayi. A neman gudummawa kuwa illarta biyu. Wanda ya san farashin kayan rijiya zai gane an ninka, daga nan ba zai ƙara yarda da layi ɗaya na takardar ba. Wanda bai sani ba zai ga kuɗin ya fi ƙarfinsa, ya ce dubu biyar ɗina me za ta yi a cikin miliyan goma, ya ajiye takardar. Duk lamba mai sifili da yawa, wadda ta zauna cif ba ko ɗoriya, tana nuna ba a zauna an yi lissafi ba.

Saboda haka aka dakatar da rubutu har kwana goma. Wannan shi ne abin da ƙungiyoyi da yawa ke ƙin yi, domin ana ganin takarda aikin alƙalami ce. Alhali rabin aikin a bakin rijiya yake da cikin kasuwa.

Da farko suka cire naira dubu sittin daga kuɗin wata-wata na 'yan ƙungiya, suka kira mai gyara ya zaro famfon da ke can ƙasa, wanda masu sana'ar ke kira sumo. Ya ƙone. Ya auna zurfin ruwa, ya gwada ko rijiyar tana kawowa, ya tabbatar tana da rai. Ya kuma gano sanadin ƙonewar: da bazara ruwa kan ja ƙasa, injin ya ci gaba da juyawa a bushe har ya yi zafi ya mutu, domin tun farko ba a sa masa na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya yi ƙasa ba. Wannan bincike kaɗai ya canza takardar. Da sun tara kuɗi sun sayi sabon sumo ba tare da shi ba, da bazara mai zuwa sun sake buga wata takardar.

Bayan haka suka karɓo farashi a rubuce daga masu sana'a uku, kowanne da kwanan wata da sa hannu. Ba su ɗauki mafi araha ba, domin shi bai yarda ya ba da garanti ba. Suka ɗauki na tsakiya. Suka kuma yanke shawarar komawa hasken rana, tunda janareto ya gagare su tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Lissafin da ya fito shi ne: sumo da na'urar kariyarsa, naira 850,000, farantan sola shida, 900,000, tankuna biyu masu cin lita 5,000 kowanne, 1,100,000, walda da fentin hasumiya, 400,000, bututu da kawunan famfo, 250,000, ladan ma'aikata, 300,000. Jimla 3,800,000.

A kan wannan Baba ya sa aka ɗora kashi goma cikin ɗari, wato 380,000, a matsayin kuɗin ko-ta-kwana. Shugaba ya so a narka shi cikin sauran layukan, kada mutane su ga kamar rara ce ake nema. Baba ya ƙi. Ya ce, "Alhaji, in ka ɓoye shi a cikin kuɗin tanki, ranar da wani ya je kasuwa ya tambayi farashin tanki ka zama ɓarawo. Rubuta shi da sunansa." Kowa ya san yadda farashi ya riƙa gudu a shekarar 2024, lokacin da hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma kayan sola daga waje ake shigo da su, suna bin dala. Mai bayarwa ba zai yi mamakin ganin layin ko-ta-kwana ba. Abin da yake so ya sani shi ne inda kuɗin zai tafi in ba a taɓa shi ba.

Jimlar ta zama 4,180,000. 'Yan ƙungiya da matan unguwa sun riga sun haɗa 680,000 a tsakaninsu, abin da takardar farko ba ta ko ambata ba, wai don kada a ce suna da kuɗi. Saura 3,500,000. Gidajen da ke shan ruwan rijiyar kusan 350 ne, wato naira dubu goma a kan kowane gida. Sakatare ya daɗe yana kallon wannan lamba. Miliyan goma dutse ce da ba a san ta inda za a kama ba. Dubu goma kuwa, malamin firamare ma zai iya cewa ya ɗauki nauyin gida ɗaya.

Saura kalmomi huɗu da suka fi kowanne haɗari a tsohuwar takardar: "da sauran ayyukan cigaba". Shugaba ya kare su da hujjar da ba ta rasa ma'ana. Ya ce in kuɗi ya yi saura ga rufin makarantar Islamiyya yana yoyo, ga maƙabarta ba katanga, me zai sa a ɗaure wa kai hannu? Amsar ita ce mutumin da ya ba da kuɗi don ruwa, don ruwa ya bayar. Wataƙila sadaka mai gudana yake nema wa mahaifiyarsa da ta rasu, ya zaɓi shayar da ruwa da gangan. Juya kuɗinsa zuwa katanga ba tare da saninsa ba saɓa amana ne, ko da katangar aikin lada ce.

Manyan ƙungiyoyi sun sha wannan darasi a bainar jama'a. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta tara fiye da dala miliyan 500 a wani asusu na musamman. Da ta bayyana cewa za ta ware wani kaso don tanadin gaba da wasu ayyukanta, jama'a suka yi ca, domin su don waɗanda harin ya shafa suka bayar. Shugabar ƙungiyar, Bernadine Healy, ta sanar da murabus a watan Oktoba, a watan Nuwamba kuma ƙungiyar ta janye shirin. Ba a ce an saci kuɗin ba. An dai so a kashe shi a inda mai bayarwa bai nufa ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF kuwa ta bi wata hanya bayan ambaliyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004. Cikin 'yan kwanaki ta fito ta ce abin da ta samu ya ishi aikin da za ta iya yi a can, a daina aiko mata don wannan. Sannan ta tuntuɓi waɗanda suka bayar tana neman izinin kai rarar wasu wuraren da ake buƙata. Mafi yawansu suka yarda, waɗanda ba su yarda ba aka mayar musu da kuɗinsu.

Ƙungiyar unguwa ba za ta iya bin mutum ɗari uku ɗaya bayan ɗaya tana neman izini ba, musamman waɗanda suka jefa ɗari biyar a kwali ranar Juma'a. Mafitar ita ce a nemi izinin tun a cikin takarda. A rubuta abin da za a yi in kuɗi ya wuce, da abin da za a yi in bai kai ba. Wannan na biyun ne aka fi mantawa, shi ne kuma ya fi faruwa. Ƙungiyoyi nawa ne suka tara kashi ɗaya cikin uku, aikin ya gagara, kuɗin ya zauna a asusu yana narkewa, bayan shekara biyu ana nuna ma'aji da baki a wurin ɗaurin aure? Don haka suka raba aikin gida biyu. Naira miliyan biyu da 'yan kai ta farko za ta sayi sumo da farantan sola ta biya ma'aikata, ruwa ya fara zuwa ko da a tsohon tanki ne da aka liƙe. Tankuna da hasumiya su biyo baya.

Maganar asusu ba ta ɗauki lokaci ba, amma sai da aka yi ta da lallashi. Shugaba mutumin kirki ne, ya ji kamar ana zarginsa. Liman ne ya sassauta zancen, ya ce, "Alhaji, kai ake karewa. Ranar da kuɗin shagonka ya haɗu da kuɗin rijiya a asusu ɗaya, ko kai ba za ka iya rabewa ba. In kuma ta Allah ta kasance, magada za su ce nasu ne." Ya tuna musu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma ga muminai aka saukar da ita. Ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu a hukumar CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 tana iya buɗe asusu da sunanta, da sharaɗin ta riƙa miƙa wa hukumar bayanin shekara-shekara. Wannan ƙungiya tana da rajista tun tuni, asusun ma yana nan, an yi watsi da shi ne saboda wahalar tara masu sa hannu. Aka farfaɗo da shi: mutum uku, ba a fitar da ko sisi sai biyu sun sa hannu, kuma saƙon shigar kuɗi yana zuwa wayar ma'aji da ta shugabar mata a lokaci guda.

Liman ya ƙara abu ɗaya wanda ba wanda ya yi tunaninsa. Azumi ya kusa, mutane za su fitar da zakka, wasu za su turo ta nan. Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu cin zakka, kuma a wurin mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, ba a gina rijiya ko masallaci da ita. Takarda mai gaskiya ya kamata ta faɗa, don kada mutum ya ɗauka ya sauke farali alhali da sauran magana.

A dare na goma sha ɗaya sakatare ya karanta sabuwar takardar:

"Assalamu alaikum. Rijiyar burtsatsen unguwarmu, wadda gidaje kusan 350 ke sha, ta tsaya wata takwas da suka wuce saboda injinta ya ƙone. Mun sa an bincika, rijiyar tana da ruwa, an kuma gano abin da ya ƙona injin. Gyaranta da mayar da ita kan hasken rana zai ci naira 4,180,000, kamar yadda aka rarrabe a bayan wannan takarda, bisa farashin da muka karɓo a wannan wata. Mu mazauna unguwa mun haɗa 680,000. Muna gayyatar 'yan'uwa da abokan arziki su haɗa hannu da mu a cike 3,500,000 da ya rage. Naira 10,000 ita ce rabon gida ɗaya.

"Za a rufe karɓa ranar ƙarshe ta watan gobe. In abin da aka samu bai kai ba, za a fara da inji da farantan sola, sauran aikin ya jira. In ya wuce, ko kuɗin ko-ta-kwana ya yi saura, zai zauna a asusun gyaran wannan rijiya kaɗai. Bayan an gama, za a riƙa karɓar naira 20 a kan jarka don gyara da ladan mai gadi, gidajen marayu da tsofaffi kuma kyauta za su ɗiba. Wannan gudummawa sadaka ce, ba wurin zakka ba ne. Duk Juma'a za a manna abin da ya shigo da abin da aka kashe a ƙofar masallaci, rasitai kuma suna wurin ma'aji ga duk mai son dubawa. Wanda ba ya son a ambaci sunansa ya sanar da mu. Allah ya saka da alheri."

Shafi ɗaya ce, lissafi a bayanta, hoton hasumiya a sama, sunayen masu sa hannu uku da muƙamansu a ƙasa. Ba a cire addu'a ba, ba a cire sallama ba, takardar ba ta koma ta ofis mai sanyi ba. Amma "roƙo" ya zama "gayyata", "ku tausaya mana" ya zama "ku haɗa hannu da mu", kuma abin lura shi ne ba wanda ya zauna ya ce a nemo kalmomi masu mutunci. Da lissafin ya samu, sai magiyar ta rasa wurin zama. A tsohuwar takardar kuka ne ke cike gurbin da ya kamata lambobi su cike.

Layin naira 20 ya jawo gardama fiye da kowanne. Wasu suka ce yaya za a nemi sadaka sannan a sayar da ruwan. Shugabar mata ce ta aiko da amsa ta bakin mai unguwa: su da ke sayen jarka a wurin 'yan garuwa da ninkin-ba-ninkin wannan kuɗi ba su ga abin faɗa a naira ashirin ba, abin da suke tsoro shi ne rijiya ta sake tsayawa ba ko kwabo a ajiye. Ai haka ta faru a karon farko. Wani ɗan siyasa ya gina, aka yanke ƙyalle, aka tafi, ba a bar wa kowa alhakin gyara ba.

Kyakkyawar takarda ba ta kawar da duk wata matsala. Ta farko ita ce alkawari. A taron ƙaddamar da gidauniya babban baƙo kan tashi ya ce ya ba da miliyan ɗaya, a yi kabbara, maroƙi ya wasa shi, kuɗin kuwa sai a yi wata shida ana sintiri a ƙofar gidansa. Ko a manyan gidauniyoyi haka ne. Bayan ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, gwamnatin Borno ta riƙa bambanta abin da aka yi alkawari da abin da ya shigo hannu, domin a farkon lamarin tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Saboda haka takardar Juma'a ta ƙungiyar ta kasance da shafi biyu, na alkawari daban, na abin da ya shiga asusu daban, kuma da na biyun kaɗai ake sayen kaya. Ba a rubuta sunan mai alkawarin da bai cika ba. Jimla kawai ake sawa, don shi ma yana da mutuncin da za a kiyaye.

Ta biyu ita ce babban mai bayarwa da ke zuwa da sharaɗi. Wani ɗan kasuwa ya ce zai ɗauki nauyin tankunan biyu, amma a wurin ƙaninsa za a saya, farashin ƙanin kuwa ya ɗara wanda ke cikin takarda. A nan rubutaccen lissafi ya yi musu rana. Ba su ce masa a'a ba. Baba ya je da kansa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun riga mun gaya wa jama'a farashi. In ka sayo tankunan ka kawo, mu rubuta tanki biyu daga gare ka, mu cire layin daga abin da muke nema." Haka aka yi, aka sanar ranar Juma'a cewa abin da ake nema ya ragu da 1,100,000.

Ta uku ita ce gajiya. Mako na farko da na biyu ana manna rahoto da zumuɗi, a na biyar sai a fara cewa ai kowa ya sani. A nan ne amanar da takarda ta gina kan rushe, kuma alamarta ba ta ɓuya: mutane su daina tambayar ma'aji kai tsaye, su koma tambayar juna a wurin mai shayi. Sakatare ya ɗauki wannan a wuyansa. Ko makon da ba abin da ya shigo sai ya rubuta kwanan wata, ya rubuta "babu", ya manna.

Kafin a sayi farantan sola farashinsu ya tashi, aka ci 140,000 daga kuɗin ko-ta-kwana, walda kuma ta ƙara 55,000 saboda ƙafa ɗaya ta hasumiyar ta ruɓe daga ciki. Duka biyun sun fito a takardar Juma'a da dalilinsu. Rahoton ƙarshe da aka manna ya nuna saura 185,000 a asusun gyara, da lambar rasit a gaban kowane layi, da sa hannun mutum uku. A ƙasansa sakatare ya ƙara sanarwa cewa za a buɗe famfo daga ƙarfe bakwai na safe zuwa azahar, sannan daga la'asar zuwa magariba, kuma layin hagu na tsofaffi ne da masu goyo.